Talla ta ci a kowane rukuni, ta faɗi a jimilla: wanne zan bi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Lissafin nan ya hana ni barci.

Ina sayar da turare, na saka talla biyu, kowacce mutum 1,000 suka latsa. Ta farko ta kawo masu saye 80, ta biyu 152. Har na kusa kashe ta farkon, sai na raba mutanen gida biyu.

A tsofaffin kwastomomina, ta farko ta samu 40 cikin 200, kashi 20 cikin ɗari ke nan, ta biyu kuwa 144 cikin 800, kashi 18. A baƙi ma ta farkon ce gaba: 40 cikin 800, kashi 5, ta biyu 8 cikin 200, kashi 4. Sau uku ina sake lissafi, babu kuskure.

Zargina shi ne ta biyu ta faɗa hannun tsofaffi, waɗanda dama ko ba talla za su saya, ta farko kuma aka bar ta da baƙi masu wuyar sha'ani. Da na ɗauka tsofaffi da baƙi rabi da rabi ne a kowacce talla, ta farko ta ba ni kashi 12.5, ta biyu kashi 11.

To, rabi da rabin ya dace, ko in auna da ainihin yawan kowane rukuni a kasuwata? Don Allah a taimaka kafin in ƙara zuba kuɗi.