Oda ɗaya na cin sakan 6, ta ina zan fara bin sawunta?

Bashir: Salamu alaikum 'yan zaure. Manhajar odar taki da muke yi wa manoman shinkafa a Argungu da Suru ta hana ni barci. Sassa huɗu ne: ƙofa, oda, sito, sai biyan kuɗi. Yawancin oda kan wuce a rabin sakan, amma da safe in dillalai suka yi yawa, wata sai ta ci sakan 6. Na saka OpenTelemetry, sawu yana zuwa Jaeger, amma duk wanda na buɗe lafiyarsa ƙalau.

Nasiru: Wa'alaikumus salam. Netwok ne kawai. Ka yi `traceroute` daga wayar dillalin.

Malama Hauwa: Nasiru, ba irin wannan sawun yake nufi ba. Bashir, sakan 6 ɗin a waya ka auna ko a ƙofa?

Bashir: A ƙofa, Malama. Buƙata ta riga ta shigo gida.

Malama Hauwa: To netwok ɗin waya ya fita. Daina buɗe sawu da ka. A Jaeger zaɓi sashen ƙofa, ka rubuta `3s` a akwatin `Min Duration`, ka taƙaita lokaci zuwa safiyar yau. In babu komai, duba ko ɗaya cikin ɗari kake ajiyewa, don mai jinkirin na iya kasancewa cikin waɗanda aka zubar.

Bashir: Duka nake ajiyewa. Ga ɗaya na samu: ƙofa sakan 6.2, oda 6.1. A ƙarƙashin oda, sito milisakan 90, biyan kuɗi 400, tambayoyin Postgres guda uku, kowace ba ta kai 10 ba.

Sadiya: Ni nawa da ya yi haka, madauki ne ke tambayar rumbun bayanai sau ɗari biyu, kaya ɗaya tambaya ɗaya. Sandunan sawun a Jaeger sun jeru kamar matakala. Duba ko shi ne.

Malama Hauwa: Wannan yana yawan faruwa, Sadiya, amma nasa tambaya uku ce kacal. Bashir, tara 'ya'yan: ba su kai milisakan 600 ba, uwar kuma 6,100. Sama da sakan 5 ke nan da babu sandar da ta ɗauki alhakinsu. Ina giɓin yake, farko, tsakiya ko ƙarshe?

Bashir: Farko. Sandar oda ta fara, sai fili fetal, sannan tambayar farko ta fito.

Malama Hauwa: Fili kafin tambayar farko, ni abin da nake fara zargi jiran layin rumbu ne. Me ka saka wa ma'auni?

Bashir: `psycopg2` da `requests`. Amma SQLAlchemy nake amfani da shi.

Malama Hauwa: Shi ya sa. Ma'aunin `psycopg2` sai an miƙa masa tambaya yake fara ƙirga, bai san an yi jira a bakin rumbu ba. SQLAlchemy in ba ka taɓa shi ba, layi 5 yake riƙewa, ya ƙara 10 in an matsu, na 16 kuma ya tsaya har sakan 30 kafin ya haƙura. Kada ka yarda da maganata, auna:

```python
with tracer.start_as_current_span("jiran-layi"):
    conn = engine.connect()
```

Bashir: Na dawo, na bari sai da safiya ta zagayo. `jiran-layi` ta ci sakan 5.3. Wallahi mako biyu ina gyaran tambayoyin da ba su da laifi. Amma wa ke riƙe layukan?

Malama Hauwa: Wannan sawun ba zai faɗa maka ba, shi wanda aka zalunta ne. Nemo sauran sawun da suka gudana a wannan mintin, ka ga wanda ya karɓi layi da wuri amma ya daɗe bai gama ba.

Bashir: Na gan su. Muna buɗe layi, mu rubuta oda, mu kira kamfanin biyan kuɗi layin na hannunmu. Da safe amsarsu kan kai sakan 5, sai duka 15 ɗin su maƙale.

Nasiru: To ai da sauƙi, ka mai da `pool_size` 50.

Malama Hauwa: Zai sassauta, ban musa ba. Sai dai Postgres 100 yake karɓa in ba a canja `max_connections` ba. Kwafi biyu na sashen oda, kowane 50 da ƙarin 10, ka wuce. Ni da zan rubuta odar da alamar tana jiran biya, in saki layi, in kira kamfanin, sannan in sake ɗauka in sabunta.

Sadiya: In sashen ya mutu tsakanin biyan da sabuntawar fa, Malama? An cire kuɗin manomi, oda na nan tana jira.

Malama Hauwa: Gaskiyarki. Dole a sami aikin da ke zagayowa yana tambayar kamfanin matsayin irin waɗannan odar, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne.

Bashir: Yau zan kai `pool_size` 20 don dillalai su samu sa'ida. Sadiya, in kin taɓa rubuta irin wannan mai zagayen, don Allah turo in gani.