Shin ƙara yawan masu sa hannu zai hana satar gadojin kirifto?

Malam Habu: Ni a ganina gadojin da ke ƙetarar da tokin daga wannan bulokcen zuwa wancan ba su da wani aibi a karan kansu. Sakacin masu riƙe da mukullai ne yake jawo sata, kuma da za a ƙara yawan masu sa hannu, wato masu amincewa da mukullansu na sirri kafin kuɗi su fita daga gada, da an huta. Wanda tokin ɗinsa ke cikin walet ɗinsa kuwa, babu ruwansa da abin da ya sami gada.

Alhaji Ɗanladi: Ina tare da kai, Malam Habu, kuma gadar Ronin ta wasan Axie Infinity ta isa hujja. Masu tantancewa 9 ne kacal, ana buƙatar sa hannun 5 kafin kuɗi su fita. Ɓarayi suka sami mukullai 5 ɗin, suka kwashe kuɗin kirifto, ETH 173,600 da USDC miliyan 25.5, a watan Maris na 2022, abin da ya haura dala miliyan 600. Da masu sa hannun sun kai 50, ai ba za su iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba.

Injiniya Rabi: Alhaji, alƙalumanka daidai ne, sai dai ɓarayin ba su bi mutum 5 ɗaya bayan ɗaya ba, kuma a nan darasin yake. Mukullai 4 daga cikin 9 ɗin duk suna hannun kamfani ɗaya ne, wato Sky Mavis mai wasan, don haka da aka yaudari ma'aikaci guda aka kutsa cikin na'urorin kamfanin, sai aka same su a tare. Na biyar na Axie DAO ne, wato ƙungiyar al'ummar wasan. A watan Nuwamba na 2021, lokacin da masu amfani suka yi yawa, Axie DAO ta ba Sky Mavis izinin sa hannu a madadinta. An daina wannan tsari a Disamba, amma ba a janye izinin ba. Ta wannan ƙofa da aka manta a buɗe aka sami sa hannu na biyar. Ke nan a takarda 5 cikin 9 ne, a zahiri kuwa gida ɗaya aka shiga. Ko da 50 ne, idan akasarinsu suna ƙarƙashin rufi ɗaya, yawan bai tsare komai ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne an yi satar ranar 23 ga Maris, ba a gano ba sai ranar 29, lokacin da wani ya zo cire ETH 5,000 ya kasa. Kwana 6 ma'ajiya tana wayam, babu ƙararrawar da ta kaɗa, babu kuma ƙa'idar da ta hana irin wannan adadi fita a zama ɗaya.

Malam Habu: To ai maganata kika ƙarfafa, Injiniya. Duk abin da kika lissafa sakacin mutane ne.

Injiniya Rabi: A Ronin haka ne, Malam, ban musa ba. Amma dubi Wormhole, gadar da ta haɗa bulokcen Ethereum da na Solana, a watan Fabrairu na 2022. Masu sa hannunta 19 ne, ana buƙatar 13, kuma ba a sace mukulli ko ɗaya ba. Manhajar gadar a ɓangaren Solana ce take da kuskure wajen duba sa hannu: ta karɓi asusun bogi da ɓarawon ya miƙa mata a matsayin shaidar cewa an tantance, ba tare da ta tabbatar asusun na ainihi ne ba. Da haka ya buga wa kansa tokin ETH 120,000 a Solana alhali bai ajiye ko sisi a Ethereum ba, sannan ya koma da mafi yawansu ta gadar ya karɓi ETH na gaske. Masu sa hannu dubu ma ba za su hana wannan ba, domin ba a nemi amincewarsu ba tun farko.

Tushen matsalar yana cikin yadda irin wannan gada take aiki. Ethereum ba ta ganin abin da ke faruwa a Solana, Solana ma ba ta ganin Ethereum, kuma babu tokin da yake tashi daga nan ya sauka can. Ana kulle na asali ne a gefe ɗaya, a buga wakilinsa a ɗaya gefen bisa saƙon da ya ce an ajiye. Duk wanda ya iya ƙirƙirar wannan saƙo, ta sace mukulli ko ta ruɗar manhaja, ya mallaki ajiyar kowa da kowa, domin a wuri ɗaya aka tara ta. Shi ya sa ɓarayi suka fi son gada: aiki ɗaya, dukiyar dubban mutane, ga kuma manhajar a fili ga duk mai son nazarinta.

Yusuf: Ni ma gada ta taɓa cinye mini kuɗi. Na tura USDT daga wata kasuwar musaya zuwa walet ɗina, an ce ya fita, amma ban gan shi ba har yau.

Alhaji Ɗanladi: Yusuf, wannan bai yi kama da satar gada ba. Galibi layin bulokcen da aka zaɓa wajen turawa ne ya saɓa da wanda walet ke nunawa. Ka duba lambar cinikin, idan adireshin naka ne, mai yiwuwa kuɗin suna nan a ɗaya layin.

Hajiya Zainab: Ni maganar Malam Habu cewa mai tokin a walet babu ruwansa da abin da ya sami gada ita ce ta tsaya mini, domin ita ce za ta iya cutar da mai ƙaramin jari. Tokin da gada ta buga tamkar rasiɗin sito ne: kana riƙe da takardar buhu 10 a aljihunka, babu wanda ya taɓa ta, amma idan an yashe siton cikin dare, takardar ba ta da abin karɓa. Mutum zai buɗe walet ya ga adadinsa yana nan daram, alhali abin da ya tsaya masa ya tafi. Alamar da ake fara gani ita ce farashin wakilin ya rabu da na asali a kasuwa, ko kuma a dakatar da cirewa.

Malam Habu: Amma Hajiya, Jump Crypto, mai mara wa gadar baya, ta mayar da ETH 120,000 na Wormhole ba da ɓata lokaci ba, Sky Mavis ma ta biya mutanenta. Wa ya yi asara?

Hajiya Zainab: An biya ne saboda akwai attajirai a bayansu da suka ga dama, ba don tsarin ya wajabta ba. Gadar Nomad ta rasa kusan dala miliyan 190 a watan Agusta na 2022, bayan wani gyara da aka yi wa manhajarta ya sa tana ɗaukar saƙon da ba a tantance ba a matsayin ingantacce. Mutane suka riƙa kwafar cinikin ɓarawon farko suna sauya adireshi kawai. Abin da aka dawo da shi wani ɓangare ne, kuma babu attajirin da ya cike giɓin.

Malam Habu: Na yarda cewa walet ba ya raba mutum da haɗarin gada. Amma har yanzu ina ganin kuskuren manhaja ma sakaci ne, wanda bincike mai kyau zai iya kamawa, don haka ban yarda aibin na gadar ne ba.

Injiniya Rabi: Bincike yana rage kuskure, Malam, sai dai yana duba manhajar ne a yadda take ranar da aka duba, kowane sabon gyara kuma sabon haɗari ne. Akwai hanyar da ta kauce wa tara ajiya, kamar yadda Circle, mai fitar da USDC, take ƙone shi a wannan gefe ta buga sabo a wancan, amma a nan amanar ta koma kan kamfani ɗaya, wanda yake da ikon daskarar da asusu. Kafin in ƙetarar da kuɗi nakan duba su wane ne ainihin masu riƙe da mukullan, wa ke da ikon sauya manhajar, da ko akwai iyaka ga abin da zai fita a yini. Idan na ƙetara kuma, ba na barin kuɗin su daɗe a matsayin wakili matuƙar akwai na asali a wancan gefen.