Rahoton lab ɗina ya cakuɗe, in sake shi ko in gyara?

Ƴar Aboabo: Salamu alaikum ƴan uwa. An maido min da rahoton taitireshan, wato gwajin auna ƙarfin sinadari, an rubuta wai tsarin bai bi ƙa'ida ba. NaOH 25.0 cm³ muka gwada da HCl 0.100 M. Na rubuta komai yadda ya faru a ranar, lissafina yana tsakiyar bayanin matakai. Litinin zan mayar. In sake daga farko ne, ko in sauya wa sassan wuri?

Ɗan Ayigya: Kai shi a buga miki a Tek, wato jami'ar KNUST, sidi biyu shafi.

Maman Asawase: Biyu a ina? Biyar na biya wa ɗana. Kuma ba bugu ta tambaya ba.

Tsohon Tica: Ƴata, kar ki sake. Ɗauki kowace jimla ki tambaye ta aikinta. Abin da kike nema, wato ƙarfin NaOH, shi ne manufa, layi ɗaya ya isa. Abin da hannunki ya yi ya tafi matakai. Abin da idonki ya gani ya tafi bayanai, har da juyawar metil oranj daga rawaya zuwa ruwan lemo. Duk inda kika tara ko kika raba, nazari ne. Kawo lambobin bureti, bututun awon asid ɗin.

Ƴar Aboabo: Malam, 24.90, 24.10, 24.20, 24.10. Na raba da huɗu, na samu 0.0973 M.

Ɗan Ayigya: Goge 24.90 ɗin kawai, gwajin share fage ne.

Tsohon Tica: Ya tsaya a tebur, amma kar ya shiga lissafi, kuma ki faɗi dalili a nazari. Sauran ukun sun ba da 24.13. HCl da NaOH ɗaya da ɗaya suke haɗuwa, don haka 0.100 × 24.13 ÷ 25.0 = 0.0965 M. Wannan lambar ce kammalawarki, ita ce amsar manufa. Kar sabon zance ya shigo can.

Baban Yara: Gogewa ce ta kashe ni. Na goge lamba ɗaya, mai duba mu ya kwatanta da takardar da ya sa wa hannu a lab, ya ba ni sifili. Na yi ta sintiri ofishinsa mako uku, ko kallona bai yi ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ɗan Ayigya: Malam, tsarin sakandare kake ba ta. Mu a wajenmu sakamako da tattaunawa haɗe suke.

Maman Asawase: Kai da ka ce a goge, kai za a bi?

Ɗan Alabar: Ni manufata wake da shinkafa, kammalawata barci.

Baban Yara: Ba wasa ba ne. Mu shida ne a bureti ɗaya, famfonsa na ɗiga, sannan a ce lambobinku ba su yi kusa ba.

Ƴar Aboabo: Namu ma ya ɗiga. Malam, wannan a matakai zan sa ko a nazari?

Maman Asawase: Kuma kuɗin lab ɗin da muke biya duk shekara, ina yake zuwa?