Neman kalmar Hausa: sitires, sitiren da sauyin girma a dokar Hooke ta fuska uku

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ina rubuta bayanin darasi da Hausa a kan ƙarfin kayan gini da na ƙira, kuma ranar Alhamis zan miƙa shi. Na iso wurin da ake ba ɗalibi sitiren, wato yawan miƙewa ko tsukewar abu idan an kwatanta da tsawonsa na asali, na fuska uku, εx da εy da εz, a ce ya fitar da sitires, wato ƙarfin ja ko dannawa da ke kan kowane yanki na jikin abin, na kowace fuska, sannan ya faɗi yadda girman abin ya sauya. Da farko na sa matsi a madadin sitires, miƙewa a madadin sitiren, kumburi kuma a madadin sauyin girma, amma da na zo misalin lissafi sai jimlolin suka fara ƙaryata juna. Misalin na ƙarfe ne mai E = 200 GPa, wato taurinsa wajen ja, da ν = 0.3, wato kason tsukewar gefe idan an ja shi, inda εx = 600×10⁻⁶, εy = −200×10⁻⁶, εz = 0. Ina neman kalmomi uku da za su iya ɗaukar wannan misalin ba tare da sun ɓatar da mai karatu ba.

Isa: Wa alaikumus salam, Malama. Ai an daɗe ana fassara sitires da damuwa ko gajiya, kuma na ji ana cewa ƙarfe ma yana gajiya, don haka ina ganin gajiya ta wadatar.

Injiniya Bala: Malam Isa, wancan sitires na likitoci ne. Gajiyar ƙarfe kuwa wani babi ne dabam, wanda ya shafi tsagewar da ke zuwa bayan an ɗora nauyi an sauke sau dubbai, saboda haka a bar masa sunansa. Malama, bari in warware misalin naki a fili, domin lambobin ne za su nuna mana kalmar da za ta tsaya. Ga dokar yadda ake rubuta ta idan sitiren aka sani:

```
e  = εx + εy + εz
σx = λe + 2Gεx
λ  = Eν / ((1+ν)(1−2ν))
G  = E / (2(1+ν))
```

A nan σ ita ce sitires, e sauyin girma, G taurin ƙarfe wajen gocewa, λ kuma adadi ne da ake samu daga E da ν. Haka σy da σz suke, sai dai a sauya εx da ta fuskar da ake nema. A ƙarfenki G ta kama 76.9 GPa, λ kuma 115.4 GPa, sannan e ta zama 400×10⁻⁶. Idan aka ninka λ da e za a sami 46.2 MPa, kuma wannan adadi yana shiga kowace fuska daidai wa daida, ko ta motsa ko ba ta motsa ba. Daga nan σx ta zama 46.2 da 92.3, wato 138.5 MPa, σy ta zama 46.2 a cire 30.8, wato 15.4 MPa, σz kuma ta tsaya a 46.2 MPa. To ki duba fuskar y: ƙarfen ya tsuke ta wannan gefe, amma sitires ɗin da ke wurin na ja ne, ba na dannawa ba. Idan kika kira shi matsi, za ki rubuta cewa akwai matsi na 15.4 a wurin da ake jan ƙarfe, mai karatu kuwa zai ga abu ya tsuke, ya ga kalmar matsi, ya tafi da fahimtar da ta saɓa wa lissafin gaba ɗaya.

Zainab: Wannan shi ne ainihin abin da ya kayar da ni a jarrabawa. Na ninka E da kowace sitiren ita kaɗai, na sami 120 da −40 da sifili, na kuma fito ina murna. Sai daga baya na gane cewa σ = Eε ta sanda ce da ake ja ta fuska ɗaya, sauran gefunanta a sake. Abin da har yanzu yake min nauyi a baki shi ne yadda zan faɗa da Hausa cewa fuskar z ba ta motsa ba amma tana ɗauke da 46.2.

Malam Garba: Zainab, amsarki tana cikin harshenki, ba sai kin je aro ba. Kalmar ita ce dagiya. Fuskar z ta so ta tsuke saboda jan da ake yi ta x, aka hana ta, sai ta dage. Mene ne sitires in ba dagewar da jikin abu yake yi a kan abin da ake yi masa ba? Dagiyar ja, dagiyar dannawa, dagiyar gocewa, duk sun zauna a baki. Shekara da shekaru ina kawo wannan kalma, amma masu boko sun fi son su lanƙwasa harshe su ce sitires da sitiren, kalmomi biyu da ko a kunne ba a rarrabe su, don a ce sun yi karatu.

Auwal: Ranka ya daɗe, ba neman suna ba ne. Ɗalibin nan da Turanci zai rubuta jarrabawa, kuma mun ari injin da lantarki da siminti ba wanda ya ce Hausa ta mutu. Ni damuwata tana kan kumburi, kuma ina ganin ya yi daidai, tunda duk abin da aka ja girmansa ƙaruwa yake yi.

Malam Garba: Injin da siminti abubuwa ne da aka kawo mana a hannu, dole su zo da sunansu. Wannan kuwa tunani ne, kuma al'ummar da ba ta iya sa wa tunani suna da bakinta ba, kullum 'yar rakiya ce. Shi kansa Hooke da ya bayyana dokarsa a 1678 da Latin ya rubuta ta, amma Turawa ba su zauna a kan Latin ba, sun ɗauki kalmomin da suke faɗa a gida sun ba su aiki.

Injiniya Bala: Malam Garba, dagiya ta fi matsi nesa ba kusa ba, domin ba ta nuna ja ko dannawa, kuma jimlar da ka yi wa Zainab ta fito da ma'anar sarai. Inda nake jin tsoro shi ne, idan Bahaushe ya ce abu yana da dagiya, halinsa yake nufi, wato ba ya saurin ba da kai. Wannan kuwa ya fi kusa da E da G, waɗanda suke halin ƙarfen ne ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba. Sitires ba hali ba ne, yanayi ne: yau 138.5, gobe idan an sauke kaya sifili. Ɗalibin da ya karanta cewa dagiyar ƙarfe ta ƙaru zai iya ɗauka ƙarfen ne ya ƙara ƙwari.

Auwal kuma, maganarka gaskiya ce ga sandar da ake ja ta fuska ɗaya, inda e = ε(1−2ν), wadda take sama da sifili muddin ν ba ta kai rabi ba. Amma e tana iya zama ƙasa da sifili, kamar ƙarfen da ruwa ya danne ta kowane gefe, kuma ba a cewa abu ya yi kumburi na ragi. Ban da haka, kumburi yana sa mutum ya hango abin da ido ke gani. A misalin Malama, dunƙulen ƙarfe mai milimita 100 ta kowane gefe yana da girman 1,000,000 mm³, abin da ya ƙaru kuwa 400 mm³ ne kacal. Kuma e ba wannan 400 ɗin ba ce, ita ce 400 a raba da miliyan, shi ya sa ba ta da ma'auni. Duk kalmar da za a zaɓa sai ta nuna cewa kaso ne.

Malama Hadiza: To idan na ce kason sauyin girma fa? Girma yana iya nufin tsawo ko faɗi, na sani, amma zan bayyana tun farko cewa wurin da abu ya cike nake nufi. Ina son kalmar ta riƙe har zuwa binciken amsa, inda nake nuna musu cewa matsakaicin sitires ukun, wato 200 a raba uku, 66.7 MPa ne, kuma daidai yake da K, taurin ƙarfe wajen sauyin girma, sau e, tunda K = E/(3(1−2ν)) ta ba da 166.7 GPa. Ɗalibin da lissafinsa bai haɗu a nan ba, ya san ya yi kuskure, kamar 120 da −40 da sifili na Zainab, waɗanda matsakaicinsu 26.7 ne.

Auwal: Idan haka ne, sitiren ma sai ya zama kason miƙewa, mai ragi kuma a ce kason tsukewa.

Injiniya Bala: Ya yi wa εx da 'yan'uwanta, amma bai kai ga γxy ba. A can ba tsawo ne yake sauyawa ba, kusurwa ce take gocewa daga digiri 90, kuma sitires na gocewa, τxy = Gγxy, ita kaɗai take tafiya, λ ba ta shiga. Da za a ƙara γxy = 300×10⁻⁶ a misalin, za a sami 23.1 MPa, amma e ba za ta motsa daga 400×10⁻⁶ ba, domin gocewa siffa take sauyawa, ba girma ba. Saboda haka muna buƙatar uwar kalma da za ta rufe miƙewa da tsukewa da gocewa, ni kuwa jirkita ce take zo min. Malama, ki kuma yi musu gargaɗi a kan roba, wadda ν ɗinta ta kusa rabi. A ν = 0.49, λ ta haura E sau goma sha shida, don haka ɗan kuskure a awon e yana zama babban kuskure a sitires, idan kuma ν ta cika rabi, 1−2ν ta zama sifili, dokar a wannan siffa ba ta ba da amsa sam.

Malam Garba: Jirkita ta fi kama da abin da ya lalace ya ƙi komawa, alhali dokar nan tana aiki ne kawai inda ƙarfe zai koma yadda yake idan an sake shi. Ban yarda da ita ba. Kuma ina lura cewa an karɓi kalmar kowa a nan ban da tawa.

Zainab: Baba, ni dai da jimlarka na fahimci σz, kuma da ita zan riƙa tunawa.

Malama Hadiza: Na gode muku duka. Ga abin da zan miƙa: e za ta zama kason sauyin girma, ε kason miƙewa ko tsukewa, γ kason gocewa. Uwar kalmar zan bar ta sitiren a wannan karon, tunda ba a daidaita a kan jirkita ba. A wurin σ zan rubuta sitires, amma a bayanin fuskar z zan yi amfani da fi'ilin Malam Garba, in ce an hana ta tsukewa sai ta dage.

Malam Garba: An ɗauki fi'ilin an bar sunan a waje. Ba komai, Malama, ki miƙa aikinki. Amma idan kin zo babin E da G kada ki sa musu dagiya, domin ban janye ta daga kan σ ba.