Layik ɗari biyu, oda biyu: ina kuskurena?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina yin wainar shinkafa da miyar taushe duk Asabar a nan Katsina. Satin da ya wuce na ɗora hoto a Facebook da Instagram, na rubuta "Waina mai daɗi daga kicin ɗinmu, DM for order". Layik ya haura ɗari biyu, kowa "Masha Allah", "yawuna ya tsinke", amma mutum biyu kaɗai suka yi min magana ta ciki. Me zan rubuta da zai sa su turo saƙo?

Wata mai cincin da dubulan:
Wa'alaikumus salam. Anti kada ki sake ki sa farashi. Ni "DM for price" nake rubutawa, saƙo kuwa har wayata ta yi zafi. Idan sun shigo sai ki lallaɓa su.

Hajiya mai girkin biki, Sabuwar Unguwa:
Ƙanwata mai cincin, a cikin waɗanda suka zafafa miki waya mutum nawa suka tura kuɗi? Na yi wannan tsarin kusan shekara. Saƙo yana zuwa kam, amma "nawa ne?" ne, ki faɗa, a ce "zan tuntuɓe ki", shi ke nan. Wanda kuma yake da niyyar saye da gaske sau da yawa shi ne ba ya turowa, don yana jin nauyin ya tambaya ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa, ya rasa yadda zai zame. Musamman in ya san ki ko ya san maigidanki.

Ke kuma mai waina, rubutunki ya bar wa mutum aiki da yawa. Kafin ya yi oda sai ya tambayi nawa ne, guda nawa ne a roba, kina Katsina ne ko Kano, ana kawowa ko zuwa ake yi, yau ake samu ko sai yaushe. Danna layik bai kai daƙiƙa ba, wannan kuwa hira ce da baƙuwa. Sai ya danna ya wuce. Ki amsa duk waɗannan a fili, ya zama abin da ya rage masa kalma ɗaya ce da sunan unguwa. Da ni ce, haka zan rubuta, ki gyara kuɗin zuwa naki:

"Wainar shinkafa da miyar taushe, Asabar ɗin nan da safe, cikin garin Katsina. Roba ɗaya: waina 10, miya, yankan nama 2, ₦3,000. Roba 20 zan yi. Ina rufe karɓa ranar Juma'a da an sauko daga masallaci, lokacin nake jiƙa shinkafa. Turo min kalmar WAINA da sunan unguwarku ta WhatsApp."

Duba layin jiƙa shinkafar da kyau, shi ne ke tayar da mutum daga "sai anjima". Duk wadda ta taɓa yin waina ta san sai an jiƙa, a kai niƙa, ƙulli ya tashi, don haka ba za ta ɗauka dabarar talla ba ce. Amma fa roba 20 ɗin ta zama gaskiya. Ranar da kika ce ta ƙare, wata ta roƙe ki ran Juma'a da daddare kika karɓa, sati mai zuwa babu wanda zai yi sauri. Katsina ƙaramin gari ne wajen irin wannan labari.

Sunan unguwar kuma yana rage miki wahala. Wanda ya rubuto "WAINA, Ƙofar Marusa" ya riga ya sa ƙafa ɗaya, ke kuma nan take kin san kuɗin ɗan acaɓa. Wanda ya rubuto daga Funtuwa ko Daura sai ki ba shi haƙuri tun da wuri, waina ba ta son doguwar tafiya.

Ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa:
Maganar Hajiya ta yi, sai dai a ƙara da linki don kada mutum ya tsaya kwafar lamba. Ga yadda yake:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=WAINA%20unguwa:
```

A cire sifilin farkon lamba, kada a sa alamar +, shi kuma %20 tazara ce tsakanin kalmomi. Da an danna, WhatsApp zai buɗe da rubutun a shirye. A Facebook yana dannuwa. A ƙarƙashin hoton Instagram ba ya dannuwa, sai ki sa shi a bayanin shafinki na sama ko a sitikar Link cikin Story. Sannan Anti ki leƙa Message requests, saƙon wanda ba ki bi ba can yake maƙalewa ba tare da kin lura ba. Wataƙila sun fi biyu.

Wani mai gyaran waya:
Mai waina, matsalar mabiya ce. Akwai masu sayar da mabiya dubu a farashi mai sauƙi, shafinki ya yi kwarjini.

Hajiya mai girkin biki:
Malam layik ne ya yi mata yawa, ba ƙaranci ba. Waɗancan mabiyan ba sa cin waina.

Mai cincin da dubulan:
To Hajiya ni da na taɓa sa farashi, washegari wata ta ɗora nata da ragin ɗari biyu, har da kwafar kalamaina. Kuma dubulan na gara ai ba a yi masa kuɗi ɗaya, ya danganta da kwano nawa da irin man da ake so.

Hajiya mai girkin biki:
Nan kina da gaskiya rabi. Kayan gara da girkin suna ni ma ba na yanke musu kuɗi a fili, sai dai na ce "daga kaza", sannan na ce a turo ranar biki da yawan mutane. Kin ga har yanzu na faɗa musu abin da za su rubuta. Maganar mai kwafa kuwa, ko kin ɓoye za ta sa ƙanwarta ta tambaye ki ta ciki. Ban da maganinta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na leƙa inda ɗalibin nan ya ce, na tarar da saƙo huɗu, ɗaya tun watan jiya, wai tana son waina ta walima. Kunya ta ishe ni. Hajiya, in sun turo WAINA ɗin me zan fara cewa? Ni gaisuwa nake farawa har mu yi nisa.

Hajiya mai girkin biki:
Ki gaisa a layi ɗaya, ki haɗa da jimilla a saƙon farko: "Sannu Hajiya, roba nawa? Ɗaya ₦3,000, kaiwa Ƙofar Marusa kaza, ga akawun." Tambaya ɗaya kawai, "roba nawa". In kina da WhatsApp Business ki ajiye shi a Quick replies, sai ki danna / ya fito. Kuma kada ki ɗora tallar sannan ki shiga kicin ki manta da waya awa uku, yunwar da ta sa ta rubuto ba za ta jira ki ba. Ni da daren Alhamis bayan Isha'i nake ɗorawa, lokacin ina zaune, in maimaita a sitatus da safiyar Juma'a da adadin da ya rage.

Wata daga Daura:
Ni duk wannan ban ƙi ba, amma mutanena sun fi son kira ko saƙon murya, tsofaffi ne da yawansu. Na gwada "turo kalma kaza" kan fura, suka riƙa rubuta ta a ƙarƙashin hoton maimakon ta ciki. In cire kalmar ne in ce a kira kawai?

Ɗalibi:
Gwada biyun Mama, sati ɗaya wannan, sati ɗaya wancan, ki ƙirga waɗanda suka biya a littafi.

Wata daga Daura:
Fura kullum ake damawa ɗana, ba Asabar ba. Wace ranar rufewa zan ba su?