Ya ƙi kawo rodi: in jira kotu ko in saya a wani wuri?

Ɗan Kwangila: Salama alaikum. Mun sa hannu da wani kamfani zai kawo min rodi tan 200, kowane tan dala 600. Ranar kawowa ta wuce, sun rubuto cewa ba za su kawo ba. Yanzu tan ya kai 680, ga mai gini yana jirana. In jira kotu ta tilasta su, ko in saya a wani wuri?

Baban Yara: Kada ka saya. Kana saya ka yafe musu ke nan.

Hajiya Lauya: A'a Alhaji, saye ba yafiya ba ne. Kotu ba ta cika tilasta kawo kayan da ke cike da kasuwa ba, sai abin da kuɗi ba ya maye gurbinsa, kamar fili ko injin da aka ƙera maka kai kaɗai. Ƙasashe sun bambanta a nan, ka duba dokar da yarjejeniyarku ta zaɓa. Ka fara rubuta musu cewa ka soke yarjejeniyar saboda saɓawarsu kuma za ka nemi diyya. Sannan ka karɓi farashi a rubuce daga dillalai uku, ka saya, ka adana rasit. Diyyarka ita ce ratar: 80 sau 200, dala 16,000. In ka naɗe hannu har tan ya kai 750, za su ce wannan ƙarin 70 ɗin kai ka jawo wa kanka, kuma alƙali zai iya yarda.

Mai Sikeli: Wane 680? Ana samu a 655.

Dillali: 655 ban da dako. Da dako ya haura 700.

Hajiya Lauya: Kun ga amfanin takarda ukun.

Ɗan Kwangila: To tarar da mai gini zai ci ni ta jinkiri fa, Hajiya?

Hajiya Lauya: Sun san da kwangilar ginin lokacin sa hannu? Ƙa'idar ita ce sai in sun sani za su ɗauki wannan asarar, ta kuma samo asali daga shari'ar Hadley da Baxendale a Ingila, 1854: mai injin niƙa bai samu ribar da ya rasa ba, don ɗan dakon da ya yi jinkirin kai masa ƙarfen injin wurin maƙera bai san injin zai tsaya cik ba. In ka faɗa musu, nemo saƙon.

Baban Yara: Lauyoyi dai, kowace amsa sai "in".

Tsohon Hannu: Duk wannan lissafin takarda ne. Ka yi nasara bayan shekaru, ka tarar kamfanin ba shi da ko kujera. Wa zai biya 16,000 ɗin?

Dillali: Sai ya karɓi tambarin kamfanin ya rataya.

Mai Sikeli: Ni abin da ke ci min rai kafin alƙalami ne. Malam, ka ba su wani abu? Akwai garantin banki a kai?

Ɗan Kwangila: Kashi 30 na bayar. Babu garanti.