Zan buɗe shagon turare: .com ko .com.ng, kuma da sunan wa za a yi rajista?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara uku ke nan ina sayar da turaren wuta da humra daga gida, yanzu Allah ya hore min shago a Zoo Road nan Kano, ƙarshen wata zan buɗe in sha Allahu. Sunan shagon Ƙamshin 'Yar Borno, har na yi masa rajistar CAC. Ɗan ƙawata ne zai haɗa min shafin intanet, ya ce dubu 90 komai da komai, wai in zaɓi .com ko .com.ng, kuma shi zai sayi domen ɗin, wato sunan shafin, a akawun ɗinsa don kar in wahala. Ya kuma ce ƙ ɗin da ke sunan ba za ta shiga ba. Mai buga takarda na jira in ba shi adireshin da zai sa a jikin kwalba dubu biyu kafin Alhamis. Don Allah waɗanda suka taɓa yi, wanne zan ɗauka?

Ummu Haidar: Ma sha Allah, Allah ya sa albarka. Ni dai Instagram ya ishe ni, ban taɓa buɗe shafi ba kuma ciniki nake yi. Nawa kike ba da kwalbar humra fara?

Garba Mai Waya: Hajiya tunda kin yi CAC ai magana ta ƙare. Sunan ya zama naki a hukumance, babu mai iya ɗaukar sa a intanet. Ki ɗauki .com, ya fi aji.

Sadiq Injiniya: Malam Garba, a nan kam ba haka ba ne. CAC rajistar sunan kasuwanci take yi, ba ta da hannu a domen. Domen wanda ya riga biya shi ke samu, ko da bai taɓa ganin ƙofar CAC ba. Hajiya, ki ɗauke shi kamar lambar shago a kasuwa. Shafinki yana zaune ne a wata kwamfuta mai lamba doguwa da ba wanda zai haddace. In mutum ya rubuta sunanki a wayarsa, wayar za ta tambayi wani kundi da ake kira DNS, kundin ya ce mata ga lambar, sai ta je can. Sunan daban, kwamfutar da ake ajiye shafin, wato hostin, ita ma daban, kuma kowanne da kuɗinsa. Sannan ba sayen sunan ake yi ba, haya ce ta shekara. Za ki iya biyan shekara ɗaya, a .com har goma a lokaci guda, amma ranar da kuɗin ya ƙare ba ki sabunta ba, kin fara fita daga ɗakin ke nan. Ki tambayi yaron a cikin dubu 90 ɗin nan nawa ne na suna, nawa na hostin, nawa ladan aikinsa, kuma baɗi nawa za ki biya.

Alhaji Na Kwari: Hajiya ki bar maganar .com da wane-wane, ki saurare ni. Kalmar nan "zan saya a akawun ɗina" ita ta kashe ni. Ni ma yaron unguwa ne ya yi min, tare muke sallah da babansa. Ya haɗa min shafin shadda da yadi, aiki mai kyau, ban raina ba. Na buga leda dubu biyar da adireshin, na sa a allon shago, na sa a jikin rasit. Shekara ta zagayo, ni ban ma san ana sabuntawa ba, don ba wanda ya taɓa faɗa min. Yaron ya samu karatu ya tafi waje, layinsa ya daina shiga. Duk saƙon gargaɗin da kamfanin rajistar ya turo, imel ɗinsa ya tafi. Wata rana wani kwastoma daga Yola ya kira ni ya ce Alhaji shafinka ba ya buɗewa. Na ce matsalar sabis ce. Na share. Bayan kusan wata uku ya sake kira, muryarsa wani iri, ya ce Alhaji ka fara harkar caca ne? Na buɗe da idona, sunana ne, sunan da na raɗa wa shagon da sunan mahaifiyata, amma tallar caca ce cike da shafin, da wasu hotuna da ba zan faɗa ba. Na sa aka rubuta wa kamfanin da aka yi rajistar, na tura takardar CAC, na tura rasit ɗin kuɗin da na ba yaron. Amsarsu ɗaya, ba sunana ne a rajistar ba, kuma yanzu ma sunan ya bar hannunsu. Wanda ya ɗauka ya ce dala 1,500 in ina so. Ledar nan haka muka zauna da yarana muna shafe adireshin da baƙin maka, ɗaya bayan ɗaya.

Ummu Haidar: Innalillahi. Ka gani ko, shi ya sa na ce Instagram.

Sadiq Injiniya: Allah ya mayar da alheri Alhaji. Abin takaicin, ranar kiran farko da an ceto shi. A .com, in wa'adi ya cika ba nan take ake sakin sunan ba. Akwai 'yan makonni da za a iya sabuntawa a kuɗin da aka saba, tsawonsu ya danganta da kamfanin, ba ya wuce kwana 45. Daga nan sai kwana 30 na fansa, da tara mai zafi. Sai kwana 5 da ba a iya taɓa shi, sannan a sake shi kasuwa. Kuma akwai masu zaman jiran irin waɗannan sunaye, don sun san akwai mutanen da suka saba shiga. Anti Ummu Haidar, shi ma Instagram ɗin ai ɗakin aro ne, in suka rufe ki wa za ki kai wa ƙara?

Ɗan Ladi Barkwanci: Alhaji ai da ka bari, ƙila cacar ta fi shaddar kawo kuɗi 😂 Tuba nake.

Alhaji Na Kwari: Kai yaro ka kiyaye ni.

Fati Kek: Ni .com.ng na yi, dubu 7 na biya da katina na naira, minti goma an gama. Kek ɗina ba ya wuce Kaduna, me zan yi da .com?

Garba Mai Waya: Dubu 7 ina? Ni dubu 3 da ɗari biyar na sayi .com sukutum.

Fati Kek: Yaushe?

Garba Mai Waya: An ɗan jima. Amma dai na saya.

Sadiq Injiniya: Ko dai an jima sosai, ko garaɓasar shekarar farko ce. Kamfanin Verisign da ke riƙe da .com, shi kansa sama da dala 10 yake karɓa a shekara daga hannun dillalai, to ka lissafa da canjin yau. Wanda ya ba ka a ƙasa da haka, a sabuntawa zai fanshe. Shi ya sa kuɗin shekara ta biyu ake dubawa, ba na farko ba. Shi kuwa .com.ng da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su a nan gida, dillalanta da naira suke sayarwa, .ng zalla ya fi .com.ng tsada.

Garba Mai Waya: Kai dai ka cika lissafi. Kana da shago ne? Mu da muke kasuwa mun san abin da kwastoma ke so. Mutum in ya ji .com ya san babban wuri ne. Kuma in ka ce masa .com.ng rabi zai rubuta ya manta .ng ɗin.

Fati Kek: Wannan na ƙarshen gaskiya ne, ya faru da ni. Amma yawancin masu saye ai ba rubutawa suke ba, latsa abin da na tura musu a WhatsApp suke yi.

Moussa Maradi: Mu nan Nijar namu .ne ne. Hajiya ki zo ki yi turare.ne, kowa ya karanta ya san turare ne.

Ɗan Ladi Barkwanci: Ni ma a yi min bashi.ne in tura wa masu bi na.

Malama Hadiza: Kowa na ta .com, ba wanda ya kalli sunan kansa. Ƙanwata, ƙ da ɗigon 'y su ne ƙaramar matsalarki, don mutane sun saba rubuta kamshi da yar a waya. Babbar ita ce, wani ƙamshi yake cewa, wani ƙanshi. Wani Borno, wani Barno. Rubutu huɗu ke nan ga suna ɗaya, kuma harafi ɗaya ya kauce ba za a same ki ba. Ga shi babu tazara a domen, haka zai fito, kamshinyarborno, harafi 15 a jikin 'yar kwalbar humra. Ni da na buɗe na littattafai, mutum biyar na kira a waya, har da kakar yarana, na faɗi sunan sau ɗaya na ce su rubuto min. Uku suka rubuta daban-daban, sai na canza. Ki gwada yarborno kaɗai ko wani gajere. Kuma kar ki yarda a sa miki layin tsakiya ko lamba, za ki gaji da cewa "biyun lamba ce ba kalma ba".

Maman Ilham: Kai, Malama wallahi ni kaina Barno nake faɗa, Borno nake rubutawa. Na gode. To Injiniya, yaron nan ɗan aminiyata ne, yaya zan ce masa ban yarda ba? Kuma in gajarta sunan, bai saɓa da na CAC ba?

Sadiq Injiniya: Ba dole su zama iri ɗaya ba. Batun yaron kuma ba sai kin ce komai ba. Ki zaunar da shi gefenki, a wayarki, da imel ɗinki, ku buɗe akawun a wurin dillalin, ki biya da katinki. Wurin da aka rubuta `Registrant` sunanki da lambarki za a sa. In .com ne za su turo saƙon tabbatarwa, ki latsa, in an bar shi kwana 15 suna iya dakatar da sunan. Shi abin da yake buƙata kawai ya saita `nameserver` ya nuna inda hostin yake, sai ya yi a gabanki. Akwai kuma `EPP code`, shi ne makullin ɗauke sunan zuwa wani kamfani, kar ki ba kowa. Ki biya sunan kafin ki ba mai buga takarda, ba bayan ba.

Abba Kod: Tun ɗazu ina karantawa, an mai da mu masu haɗa shafi ɓarayi. Ku tambaya me ya sa muke sawa a akawun ɗinmu. Mutum zai ba ka rabin kuɗi, ka gama aiki, ya ce sai ciniki ya buɗe. Yanzu haka domen huɗu nake sabuntawa daga aljihuna don kar a ce na yi mugunta. Wata hajiya na buɗe mata da imel ɗinta kamar yadda Injiniya ke faɗa, wayarta ta faɗa ruwa, ba ta san kalmar sirrin imel ɗin ba, ba ta san ta akawun ba, ƙarfe ɗayan dare take kira na wai na sace mata shafi.

Alhaji Na Kwari: Ni na biya cif, har da na goro.

Abba Kod: Ba da kai nake ba Baba. Amma a cikin goma, nawa ne irinka?

Fati Kek: Ku ma kuna karɓar aiki biyar lokaci guda ku ɓace. Nawa sati biyu aka ce, sai da ya ci wata uku.

Abba Kod: Hotunan kek ɗin wa ya hana a turo?

Maman Ilham: Jama'a na duba, yarborno an riga an ɗauka a ɗaya, ɗayan kuma yana nan. In ɗauki wanda ya rage, ko in sake suna gaba ɗaya? Alhamis fa jibi ce.

Ummu Haidar: Har yanzu ba ki faɗa min kuɗin humrar ba.